Yadda Ake Ƙalubalantar Banki Kan Kuɗin Ruwa

Manajan banki ba ya mayar da kuɗi domin an ɗaga masa murya. Abin da yake tilasta masa duba littafi shi ne wasiƙa mai ɗauke da lissafi, wanda aka ciro daga takardar bayanin asusu da bankin ya bayar da kansa.

A ɗauka wani malamin makaranta a Kwargaba ta ƙasar Wurno ya ci rancen Naira 600,000 a wani banki a Sakkwato domin noman shinkafar rani. Takardar yarjejeniya ta ce ruwa kashi 24 ne cikin ɗari a shekara, kuma ana lissafa shi a kan abin da ya rage na bashin kowace rana. Ranar 11 ga Maris ya biya Naira 200,000, amma a ƙarshen wata sai ya ga an ɗora masa ruwan Naira 12,230.

Ga yadda zai bi sawu. Ruwan Naira 600,000 na shekara Naira 144,000 ne. In an raba shi gida 365, kowace rana tana cin Naira 394 da kwabo 52, watau kwana goman farko sun ci Naira 3,945. Daga ranar 11 bashin ya koma Naira 400,000, ruwansa na rana kuwa Naira 263 da kwabo ɗaya, saboda haka sauran kwana 21 sun ci Naira 5,523. Jimla Naira 9,468 ke nan, an yi masa ƙarin Naira 2,762.

Bai kamata ya tsaya nan ba. In ya ninka Naira 394 da kwabo 52 sau 31, zai sami Naira 12,230 daidai. Ashe bankin ya yi lissafi ne kamar ba a biya ko kwabo ba a watan. Wannan layi shi ne ƙashin bayan wasiƙar, domin ya nuna inda kuskuren yake. Sai dai ya fara duba ranar da bankin ya ƙidaya kuɗin a matsayin sun shiga, musamman in da caki ya biya, don takan bambanta da ranar da ya kai su.

Wasiƙar kanta gajeriya ce: lambar asusu, sharaɗin ruwan da aka sa wa hannu, lissafin nan, da adadin da yake nema a mayar. Ya haɗa kofen yarjejeniya da rasit, ya kuma sa a buga masa hatimin karɓa a kan nasa kofen. In banki ya yi shiru har kwana 30, sai ya kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Nijeriya, wanda tun 2015 ya ƙayyade shekara shida a matsayin wa'adin kawo irin wannan kuka.