Ƙudurin da ya isa Zongo Lane da wanda bai isa Gaza ba

Ranar 25 ga Maris 2024, ana tsakiyar azumi, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2728, inda ya buƙaci a tsagaita wuta a Gaza nan take. Ƙasashe 14 suka ɗaga hannu, Amurka ta ƙaurace. Tun ba a watse daga zauren ba jakadiyar Amurka, Linda Thomas-Greenfield, ta ce ƙudurin ba na dole ba ne. Wuta kuwa ba ta tsaya ba. Daga nan ne mutane da yawa a Nima da Maamobi suka yanke cewa kwamitin nan taron shan shayi ne kawai. Ban yarda da su ba. Kwamitin yana da haƙora, kuma masu hulɗa da banki a Accra sun san zafin cizonsa ko da ba su san sunansa ba. Matsalar ita ce yana zaɓen wanda zai ciza.

Maganar jakadiyar ba ta da ƙafa a doka. Sashe na 25 na kundin da ya kafa Majalisar ya ce duk ƙasar da ta shiga ta amince za ta karɓi hukuncin kwamitin, ta kuma aiwatar. Masu kare Amurka suna cewa wannan sai in an ambaci Babi na 7, wato babin takunkumi da amfani da ƙarfi. Kotun Duniya ta riga ta amsa wannan tun 1971, a fatawarta kan zaman Afirka ta Kudu a Namibiya: sashe na 25 bai taƙaita ga Babi na 7 ba, ana duba kalmomin ƙudurin ne da muhawarar da ta haife shi. Ƙuduri na 2728 kuwa umarni ya bayar, ba roƙo ya yi ba. Abin da ya rasa shi ne mataki na gaba. In ƙasa ta yi kunnen uwar shegu, sai an dawo zaure an sake ƙuri'a kafin a sa mata takunkumi, kuma a nan ɗaya daga cikin manya biyar na iya hawa kujerar naƙi. Ghana ta gani da idonta lokacin da take kan kujera a 2022 da 2023: ranar 8 ga Disamba 2023 tana cikin ƙasashe 13 da suka goyi bayan tsagaita wuta, ƙuri'ar Amurka guda ta rushe komai.

Yanzu a duba abin da ke faruwa in manyan sun haɗa kai. Ranar 28 ga Satumba 2001, bayan harin New York, kwamitin ya zartar da ƙuduri na 1373 a ƙarƙashin Babi na 7, babu wanda ya ƙi. Wannan ƙuduri bai ambaci wata ƙasa mai laifi ba. Duniya gaba ɗaya ya umarta: kowace ƙasa ta mai da ba wa ta'addanci kuɗi laifi a dokarta, ta daskarar da dukiyar masu yi ba tare da ɓata lokaci ba, ta kuma kawo rahoto. Wato ƙasashe 15 sun rubuta wa sauran doka, ba yarjejeniya, ba sa hannu, ba wanda ya tambayi majalisar dokokin Ghana ra'ayinta.

Ƙuduri ba ya tafiya da ƙafarsa, sai an mai da shi dokar gida. A 2008 majalisar dokokin Ghana ta yi dokar yaƙi da ta'addanci mai lamba 762 da ta hana halasta kuɗin haram mai lamba 749, wadda aka maye gurbinta da mai lamba 1044 a 2020. Mai bin sawu kuma ita ce hukumar FATF da ke Paris, tare da takwararta ta yankinmu, GIABA, da ke Dakar. Ba kwamitin ne ya kafa FATF ba, amma cikin abin da take aunawa har da yadda ƙasa ke aiwatar da waɗannan ƙudurori. A Oktoba 2018 ta sa Ghana cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido, ba ta cire ta ba sai Yuni 2021. Shiga wannan jeri yana nufin bankunan waje su riƙa jan ƙafa da duk kuɗin da ya fito daga Accra, su nemi ƙarin takardu, su ƙara caji.

Ƙarshen igiyar yana hannun ƙaramin ɗan kasuwa. Mai shagon atamfa da leshi a Zongo Lane da ke son biyan dillalinsa a Dubai ko Guangzhou zai nuna katin ɗan ƙasa, ya kawo takardar kayan, ya faɗi inda ya samo kuɗin. Ma'aikacin banki zai buga sunansa a na'ura a gwada shi da jerin sunayen da kwamitin ya sa wa takunkumi. Jerin Al-Ƙa'ida, wanda ya samo asali daga ƙuduri na 1267 na 1999 kuma aka sa Boko Haram a cikinsa a Mayu 2014, cike yake da Muhammad da Abubakar da Usman. Saboda haka sunan ɗan Zongo ya fi saurin tayar da ƙararrawa, kuɗinsa su kwana a hanya kafin a tabbatar ba shi ake nema ba. Wasu da suka gaji sai su koma wurin 'yan canjin bakin titi, inda ba a tambayar komai, abin da dokar ta ce tana son hanawa ke nan.

Akwai iyakar da kotu ta taɓa shata wa wannan iko, sai dai ba kotunmu ba. An sa Yassin Kadi, attajiri ɗan Saudiyya, a jerin a Oktoba 2001 ba tare da an nuna masa hujja ba. A Satumba 2008 kotun Tarayyar Turai ta soke dokar da ta daskarar da dukiyarsa a Turai, domin ba a ba shi damar kare kansa ba. Ba ta taɓa ƙudurin ba, ba ta da hurumin haka, amma ta hana a aiwatar da shi ta wannan hanya. Kwamitin ya rusuna kaɗan, a 2009 ya buɗe ofishin mai karɓar koke, a 2012 aka cire sunan Kadi. Shekara 11 ke nan, ga mutumin da ke da kuɗin ɗaukar manyan lauyoyi.

Masu kare kujerar naƙi suna cewa in babu ita, manyan ƙasashe za su fice, Majalisar ta mutu irin mutuwar wadda ta gabace ta kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai gaskiya a ciki, tunda kwamitin ba shi da sojansa, sai wanda ƙasashe irin su Ghana suka ba shi aro. Amma wannan hujja tana bayyana dalilin da ya sa ba a tilasta wa manya, ba ta wanke rabon inuwar ga duk wanda suka ga dama ba. Mali ba babbar ƙasa ba ce, amma a Yuni 2023 ta ce dakarun Majalisar na MINUSMA su tattara, kwamitin ya bi ta da ƙuduri na 2690. Bayan wata biyu, ranar 30 ga Agusta, aka kawo batun sabunta takunkumin da ke kan masu kawo cikas ga yarjejeniyar zaman lafiyar Mali, da tawagar ƙwararrun da ke sa ido a kai. Ƙasashe 13 suka amince, Sin ta ƙaurace, Rasha ta hau kujerar naƙi, washegari wa'adin takunkumin ya cika, ya tashi.