Yadda Ƙananan Mutum-mutumi Ke Baje Kansu a Fili Ba Tare da Karo Ba

Tarin ƙananan mutum-mutumi na iya raba fili a tsakaninsu ba tare da wata babbar kwamfuta ta nuna wa kowanne inda zai tsaya ba. Kowace na'ura maƙwabtanta na kusa kawai take kula da su, kuma dukansu ƙa'idoji iri ɗaya suke bi. Craig Reynolds ya nuna tushen wannan dabara a 1987, inda ya kwaikwayi tashin garken tsuntsaye a kwamfuta da ƙa'idoji uku: kauce wa cunkoso, bin alkiblar maƙwabta, da kasancewa kusa da su. A 2014 kuma masu bincike a Jami'ar Harvard suka sa na'urori 1,024 masu suna Kilobot suka jera kansu a siffar tauraro, alhali saƙon kowacce bai wuce nisan kamar santimita 10 ba.

Idan baje na'urori a fili ake so, ƙa'idar farko ce ke ɗaukar nauyin aikin. Ana zaɓen tazara ɗaya, sai a ce duk maƙwabciyar da ta matso ƙasa da wannan tazara tana "tura" na'urar baya, kuma gwargwadon kusancinta, gwargwadon ƙarfin turawar. Turawar a lissafi take, babu taɓa juna. Bango ma haka ake lissafa shi. Na'urar sai ta haɗa dukan turawar wuri ɗaya, ta nufi inda suka rinjaya.

A ɗauka akwai ɗaki mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, ana son na'urori 25 su bazu cikinsa don gano inda iskar gas ke yoyo. Ɗakin murabba'in mita 100 ne, don haka rabon kowacce murabba'in mita 4, wato tazarar mita 2 tsakanin maƙwabta da mita 1 daga bango. Ƙarfin turawa shi ne abin da ya rage idan an cire nisan maƙwabciya daga mita 2. Na'urar da ke da maƙwabciya a gabas da nisan mita 1, da wata a arewa da nisan mita ɗaya da rabi, za ta sami turawa mai ƙarfin 1 zuwa yamma da mai ƙarfin rabi zuwa kudu. Sai ta gusa yamma tana ɗan karkata kudu, ta sake aunawa. Na gefe ne ke fara watsewa, na tsakiya su sami sarari su biyo baya, har kowacce ta tsaya inda babu mai tura ta. Da an zaɓi mita 1, da sun tsaya tun suna cikin kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ɗakin.

Hana karo yana buƙatar ƙa'ida ta biyu, wadda ke gaban kowace ƙa'ida: idan abu ya shigo cikin wata ƙaramar tazara, a tsaya cak. Ita ma lissafa ta ake yi. Na'urori biyu da suka fuskanci juna, kowacce na tafiyar santimita 20 a daƙiƙa, suna cinye santimita 40 na ratar da ke tsakaninsu duk daƙiƙa. Idan sai bayan rabin daƙiƙa suke sake auna nisa, za su matso da santimita 20 kafin ɗayarsu ta ankara. Da an ƙara nisan birki da kuskuren ma'auni, santimita 50 ya fi zama amintacce. Duk lokacin da aka ƙara gudu, dole a faɗaɗa wannan tazara.

Matsaloli biyu ne suka fi bayyana. Ta farko ita ce kai-komo: na'ura ta guje wa ta gabas, ta zarce har ta matsi ta yamma, ta sake dawowa, batir na ƙarewa a banza. Alamarsa ita ce tayoyi na juyawa amma wurin tsayuwa bai sauya ba. Maganinsa shi ne rage gudu yayin da turawa ke raguwa, da yin watsi da turawar da ba ta kai wani ƙaramin mizani ba.

Ta biyu ita ce cijewa a bakin ƙofa ko siririn lungu. Ginshiƙan ƙofa biyu na tura na'ura baya, 'yan uwanta na tura ta gaba, ƙarfin ya yi kunnen doki, sai ta tsaya alhali ɗakin gaba babu kowa. Ana gane wannan idan duka sun natsu amma sun cunkushe a gefe guda. Ana warware shi ta hanyar sassauta turawar bango, ko kuma a sa na'urar da ta daɗe a tsaye cikin cunkoso ta zaɓi alkibla da ka, ta ɗan gusa.

Wannan tsari ba ya ba da tabbacin rufe kowane lungu a gini mai ɗakuna da yawa, domin babu na'urar da ke riƙe da taswirar wurin. Sai dai idan ɗaya ta lalace aka ɗauke ta, aikin ba ya rushewa. Gurbinta na nan da girman murabba'in mita 4, kuma muddin an ɗan ɗara tazarar a kan mita 2 tun farko, maƙwabtanta za su gusa su cike shi da kansu.