Katin bashi: ana biya kowane wata, me ya sa bashin ba ya ƙarewa?

Ranar zubi ce, mun gama ƙidayar kuɗin akwati, sai wata ƴar ƙungiyarmu ta ce tana da magana. Ɗanta yana Amurka, yana tuƙin mota. Bara da damina, da ruwa ya rushe musu katanga da ɗaki ɗaya, shi ya aiko kuɗin gyara. Sai a makon jiya, a waya, ya faɗa mata cewa kuɗin nan ba na aljihunsa ba ne, a katin bashi ya ciro su. Ta ce: "Ya ce mini, Inna, shekara guda ke nan ban taɓa fashin biya ba, amma bashin yana nan kamar ban taɓa shi ba. To ni dai ban gane ba. Wane irin bashi ne ana biya ba ya raguwa?"

Da yawa cikinmu muna da ɗa ko ƙane ko miji a waje, kuma mu ke cin kuɗin da suke aikowa. Shi ya sa muka zauna da takarda da alƙalami muka bi lissafin, don mu san nauyin da suke ɗauke da shi.

Kati biyu ne, kada mu haɗa su

Katin da aka fi sani a bankunanmu na nan Nijar na cirar kuɗi ne. Abin da kika ajiye shi kike cira, in ya ƙare ya ƙare. Katin bashi kuwa, wanda ya cika hannun mutane a Amurka, kuɗin banki ne kike kashewa. Ƙarshen wata sai a aiko miki da takarda mai lambobi biyu: jimlar abin da ake binki, da kuma mafi ƙarancin abin da za ki biya don kada a ce kin yi latti. In kin biya jimlar duka kafin ranar da aka sa, ba a ɗora miki ruwa a kan sayayyar da kika yi. In kuwa ƙaramar lambar kika biya, ragowar za ta tsallaka wata mai zuwa da ruwa a kanta.

Ƙaramar lambar nan ita ce maganarmu ta yau.

Mu bi kuɗin wata ɗaya

Mu ɗauki misali mai kama da na yaron nan. Ana binsa dalar Amurka 2,000. Ku lura, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Wannan kuɗi ya haura miliyan ɗaya na sefa. Ruwan katin kashi 24 cikin ɗari ne a shekara, wato kashi 2 cikin ɗari kowane wata. Wannan ba ƙari ba ne, domin a shekarun 2023 da 2024 matsakaicin ruwan katin bashi a Amurka ya wuce kashi 20 cikin ɗari.

Bankuna da yawa a can ga yadda suke fitar da mafi ƙarancin biya: su ɗauki ruwan watan, su ƙara kashi 1 cikin ɗari na uwar kuɗi. Sannan su sa wata iyaka ta ƙasa wadda biyan ba zai gaza ba. A misalinmu mun sa ta dala 25.

To a watan farko ruwa dala 40 ne. Kashi 1 cikin ɗari na uwar kuɗi dala 20 ne. Takarda ta ce ya biya dala 60, ya biya, hankalinsa ya kwanta. Amma cikin 60 ɗin nan, 40 na banki ne, 20 kaɗai suka taɓa bashin. Ya tashi daga 2,000 ya koma 1,980. Wato cikin kowane uku da ya biya, biyu ruwa ya sha, ɗaya ne ya rage bashi.

Haka ya yi ta yi har wata 12. Abin da ya fita daga aljihunsa ya kai wajen dala 682, amma har yanzu ana binsa wajen 1,773. Ya zuba kusan ɗari bakwai, bashin ya ragu da ɗari biyu da ƴan kai. Gaskiya yaron ya faɗa wa uwarsa.

Inda tarkon yake

Wata cikinmu ta ce: "Ai ko da kaɗan-kaɗan ne, wata rana zai ƙare." Zai ƙare, amma ga abin da ke ja masa rai. Mafi ƙarancin biyan ba a tsaye yake ba. Duk lokacin da bashin ya ragu, shi ma sai ya ragu. Watan farko 60 ne, bayan shekara ya sauko wajen 53, sa'ad da bashin ya kai 1,000 ya zama 30. Mai biya yana jin daɗi wai nauyi yana sauƙi, alhali abin da ke cin uwar kuɗin ne yake ƙanƙancewa: da farko 20 a wata, daga baya 10. Kamar mai ɗibar hatsi a rumbu ce, kullum hatsin ya yi ƙasa sai ta sake ƙaramar ƙwarya.

Da muka bi lissafin har ƙarshe, ga abin da muka samu. Kafin bashin ya koma rabi, wata 69 ne, kusan shekara shida. Sai bayan shekara bakwai da ƴan watanni biyan yake sauka kan iyakar dala 25 ya tsaya a nan, daga nan ne ma bashin ke fara tafiya da ɗan sauri. Ranar da zai biya na ƙarshe, wata 143 sun wuce, shekara 12 ba wata ɗaya. Ruwan da ya biya ya kai wajen dala 2,890, ban da uwar kuɗi 2,000. Jaririn da aka raɗa wa suna a makon da aka gyara katangar nan ya kusa gama firamare, kuma an biya kuɗin katangar sau biyu da kusan rabi.

Wannan fa in bai sake sayen komai da katin ba, kuma bai taɓa yin latti ba. Bankuna suna lissafa ruwa kullum-kullum, kuma kowane yana da iyakarsa ta ƙasa, don haka lambobin takardar gaske za su ɗan bambanta da namu, amma tafiyar ɗaya ce.

In aka tsayar da biyan wuri ɗaya

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne maganin bai buƙaci sabon kuɗi ba. Yaron nan ya iya biyan dala 60 a watan farko. A ce ya riƙe 60 ɗin nan kowane wata, ya ƙi bin takarda in ta ce masa ya rage. Ruwa zai riƙa raguwa, biyansa kuwa yana nan, don haka abin da ke cin uwar kuɗi sai ƙaruwa yake yi wata bayan wata. Ga yadda hanyoyi huɗu suke a kan bashin nan na dala 2,000:

Mafi ƙarancin biya kaɗai: wata 143, ruwa wajen 2,890.
Dala 60 tsayayye: wata 56, ruwa wajen 1,330.
Dala 79 tsayayye: wata 36, ruwa ɗari takwas da ƴan kai.
Dala 100 tsayayye: wata 26, ruwa wajen 580.

Ku dubi layi na farko da na biyu. A watan farko kuɗi ɗaya suka biya. Amma mai tsayayyen biya ya riga ɗan'uwansa fita da shekara bakwai, kuma ya tsira da fiye da dala 1,500.

Ba sai mutum ya iya lissafi ba kafin ya ga wannan. Tun dokar da aka yi a Amurka a 2009, wajibi ne takardar kati ta nuna shekarun da bashin zai ɗauka in mafi ƙaranci kaɗai ake biya, da jimlar abin da za a biya, da kuma adadin da zai kashe bashin cikin wata 36. Wurin yana da kai mai suna "Minimum Payment Warning", ruwan shekara kuma ana rubuta shi da haruffan APR. Masu ƴan'uwa a Faransa kuma, dokar can ta 2010 ta yanke wa irin wannan bashi mai juyawa wa'adi: wata 36 in bai wuce yuro 3,000 ba, wata 60 in ya wuce.

Kada kuma a ce mun ce a raina mafi ƙarancin biyan. Watan da hannu ya yi gajere, a biya shi ko ta yaya, domin fashinsa yana jawo tara, yana kuma ɓata wa mutum suna a wurin bankuna, har haya gida ta yi masa wuya. Na watan wahala ne, ba na kowane wata ba.

Abin da ya shafe mu a nan gida

Akwai wani abu da ya kamata iyaye su sani. Ciro tsabar kuɗi daga katin bashi ya fi saye da shi tsada. Galibi ana cire lada nan take, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, ruwan ya fi na sayayya yawa, kuma yana fara hawa tun ranar da aka ciro, babu jiran ƙarshen wata. Sau da yawa aika kuɗi gida da katin bashi ma a haka banki yake ɗaukarsa. Saboda haka in mun buga waya mun ce a aiko yau-yau, mai yiyuwa ne mafi tsadar kuɗi muka sa aka ciro.

Mu ma mun san ƙanwar wannan a ƙungiyoyinmu. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, ƙungiyoyi da yawa suna ba da rance a kan kashi 10 cikin ɗari a wata. Mace ta ɗauki jika goma, ranar biya ta kawo jika ɗaya na ruwa, ta ce a ɗaga mata uwar kuɗi. In ta yi haka wata goma, ta biya jika goma cif, kuma ana binta jika goma. Bambancin shi ne, a wurinmu akwai ranar rabo, dole kafin ta zo kowane rance ya dawo akwati, kuma ruwan da ta biya da ita za a raba shi. Kati ba shi da ranar rabo, ruwansa kuma ba ya dawo wa wanda ya biya. Duk da haka, shugabannin ƙungiyoyi su riƙa duba littafi: duk wadda ta kawo ruwa kaɗai sau biyu a jere, a zauna da ita a yanka mata uwar kuɗin kashi-kashi tun abin bai yi nisa ba.

Ƴar'uwarmu ta sake kiran ɗanta da tambaya uku da muka rubuta mata: nawa ake binka duka, nawa ne ruwan shekara, kuma shekara nawa takardar ta ce zai ɗauka? Ya buɗe ya karanta mata, ya ce shi ma bai taɓa tsayawa ya dubi wurin ba. Ta ce masa ya tsayar da biyansa a kan adadi ɗaya, ya daina amfani da katin, kuma ya rage abin da yake aiko mata har zuwa kaka, ya zuba ragowar a kan bashin. Kuɗin takin bana kuwa, ta rubuta sunanta a jerin masu neman rance daga akwatinmu.