Kwalbar da ta ƙi zama a kan tebur

Wata mai sayar da humra ta turo mini tallan da aka haɗa mata, ta ce, "Malam, duba mini wannan, kwalbar kamar tana lilo a iska." Gaskiyarta. Wanda ya yi aikin ya yanko hoton kwalbar tsaf, ya ɗora a kan hoton wani baƙin tebur mai sheƙi, launi ya fito, rubutu ya fito, amma kwalbar ba ta zauna ba. Ita ba ta san komai game da Photoshop ba, idonta ne kawai ya ƙi yarda.

Abu biyu ne suka ɓace, kuma dukkansu inuwa muke ce musu da Hausa. Akwai siririn duhun nan da ke daidai inda abu ya taɓa tebur, wanda zan kira inuwar zama. Akwai kuma surar abin da ke fitowa a cikin sheƙin tebur kamar yadda mutum ke ganin kansa a ruwan randa, wadda zan kira inuwar madubi. Sunansu ɗaya, halinsu daban, kuma yawancin kuskuren daga haɗa su ake samunsa.

Na fara da inuwar zama, domin ita ce ke ajiye abu a ƙasa. Ɗauki kofin shayi ka ajiye a kan tayil, ka sunkuya ka duba. Ko ta ina haske yake zuwa, za ka ga wani baƙin zare a ƙarƙashinsa, wurin da haske ba ya samun hanyar shiga. A hoton da tsayinsa fiksel 2000 ne, na buɗe sabuwar leya a ƙarƙashin kwalbar, na sa ta a Multiply, na zana siririn layi da ke bin lanƙwasar ƙasan kwalbar, yana leƙowa da fiksel 3 ko 4 kacal. Sai na sa masa Gaussian Blur na fiksel 2, na bar Opacity wajen kashi 80. Na ƙara wata leyar mai ɗan faɗi, ita na tausasa ta da fiksel 25, na rage ƙarfinta zuwa kashi 30, na ɗan tura ta hagu tunda hasken da ke jikin kwalbar daga dama yake. Launin inuwar daga wuri mafi duhu na teburin na ɗauko shi, domin baƙi wuluk yakan yi kama da tawadar da ta zube. Shawarata ita ce a bar Drop Shadow gaba ɗaya a irin wannan aiki. Yana zagaye abu da duhu ta gefe da sama, sai kwalbar ta koma kamar takardar da aka manna a bango.

Inuwar madubi ce ke da aiki. Abin da kowa ya fara koya shi ne a kwafi leyar kwalbar da Ctrl+J, a kifar da ita da Edit > Transform > Flip Vertical, a jawo ta ƙasa. Wannan yana yin daidai ne kawai idan kyamara tana dab da fuskar tebur, ƙasan abin ya fito miƙaƙƙen layi. Amma hoton humrar daga ɗan sama aka ɗauka, don haka ƙasan kwalbar ya lanƙwasa kamar cikin ƙwarya. Da aka kifar da kwafin, tasa lanƙwasar ta juya sama kamar bayan ƙwarya. Ƙwarya biyu baya da baya a wuri ɗaya suke haɗuwa, sai ga gibi hagu da dama, tebur yana leƙowa ta ciki. Da zarar ka ga wannan gibin a talla, ka san an kifar ne kawai an tafi.

A zahiri, kowane ɗigo na jikin kwalba yana fitowa a tebur daidai ƙarƙashinsa, nisansa a ƙasa daidai da tsayinsa a sama. Shi ya sa lanƙwasar inuwar take bin ta kwalbar, duk suna kallon wuri ɗaya. Na gyara ta da Edit > Transform > Warp, na ɗaga gefunan kwafin biyu har bakinsa ya rungumi ƙasan kwalbar daga wannan gefe zuwa wancan. Layukan takardar da ke manne a jikin kwalbar su ma suka bi wannan lanƙwasa. Sannan na goge saman murfin daga cikin inuwar, domin tebur daga ƙasa yake kallon kwalba, ba ya taɓa ganin samanta. Da kwalin turare ne mai nuna fuska biyu, da kowace fuska zan yanka daban, in kifar da ita, in karkata ta da Skew har ta haɗu da nata layin.

Sai batun ƙarfinta. Masanin nan Bafaranshe Augustin Fresnel ya fitar da lissafin wannan tun a shekarun 1820. Gilashi, idan ka kalle shi kai tsaye daga sama, kusan kashi 4 cikin 100 na haske kawai yake mayarwa, amma da ka kwantar da ido kusa da fuskarsa sai ya koma kamar madubi. Don haka hoton da aka ɗauka daga sama ba ya son inuwar madubi mai ƙarfi. Launin tebur ma yana da nasa. A baƙin tebur inuwar tana fitowa sosai tunda babu hasken da ke gasa da ita, a fari kuwa takan dusashe. A wannan baƙin teburin na tsaya a kashi 35. Da fari ne, da ban wuce 15 ba.

Abu na ƙarshe shi ne dusashewa. Teburin katako mai fenti ba ya kai gilashi santsi, don haka inuwar tana fita tas kusa da ƙasan kwalba, tana ƙara hazo yayin da take nisa. Na sa Layer Mask, na ja Gradient daga fari a sama zuwa baƙi a ƙasa, na kuma tausasa rabin ƙasan kaɗai. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a tausasa inuwar duka bai ɗaya, har da wurin haɗuwar, sai kwalbar ta zama kamar tana zaune a kan hayaƙi. Jerin leyoyin daga ƙasa zuwa sama shi ne tebur, faffaɗar inuwa, inuwar madubi, siririn zaren duhu, sannan kwalba. Faffaɗar tana ƙasa ne domin inuwa launin tebur take ragewa, ba ta kashe sheƙinsa.

Wanda ba shi da Photoshop zai sami kusan duk waɗannan sunaye a Photopea, wadda kyauta ce a intanet. Da na mayar wa mai humrar hoton, cewa ta yi, "Yanzu kam ta zauna."

Roƙona ga masu sayar da kaya shi ne, idan za ku ɗauki hoton da za a ɗora a kan tebur, ku sauko da wayar kusa da ƙasan kwalbar. Sannan ku ƙara ɗaukar wani hoton nata a kan tayil ko gilashi mai sheƙi, ku haɗa wa mai aikin, ya ga yadda inuwarta ta gaskiya take kafin ya fara.