Daga Hadda Zuwa Fahimta: Takardar Malamar Lesin Ga Ɗalibarta

Da zarar jarabawar WAEC da NECO ta ƙarato, sai gidaje su cika da ƙus-ƙus ɗin ɗalibai masu bita. Ɗan ajin ƙarshe na sakandare zai iya zubo ma'anar osmosis da Turanci tiryan-tiryan, ko waƙafi bai bari ba. Amma a tambaye shi me ya sa yankakken tumatir ke tsatsafo da ruwa idan an barbaɗa masa gishiri, sai ya yi tsuru-tsuru. Alhali tambayar ita ce dai ma'anar da ya gama zubowa, kaya kawai ta sauya.

Wannan giɓin ne ƙwararrun malaman lesin ke ƙoƙarin cikewa da 'yar takardar da sukan maƙala a littafin ɗalibi. A ɗauki misalin malamar bayoloji da ɗalibarta mai shirin jarabawa. Takardar ba ta wuce shafi guda ba, kuma ba ta ce wa yarinyar ta ƙara ƙwazo ba. Aiki ta ba ta, hawa-hawa, a kan ma'ana ɗaya tak.

Abu na farko shi ne ta wargaza jimlar littafi. Ma'anar osmosis doguwa ce, cike da manyan kalmomi, amma tambayoyi uku kawai take amsawa. Mene ne yake tafiya? Daga ina zuwa ina? Ta cikin me yake ratsawa? Malamar ta ce ta rubuta tambayoyin nan a gefen shafi, ta nemo amsar kowacce a cikin jimlar. Ruwa ne ke tafiya. Yana tashi daga ɓangaren da ya tsinke, inda sukari ko gishiri ya yi kaɗan, zuwa ɓangaren da abin ya yi kauri. Yana kuma ratsa wani tantani mai zaɓe, wanda ke barin ruwa ya wuce amma ya tare abin da ya narke a ciki, kamar yadda mataci ke sakin ruwan gasara ya riƙe dusa.

Sai hawa na biyu, wanda ɗalibai suka fi ƙi: ta rufe littafin ruf, ta faɗi abin da Hausa da ƙarfi, kamar ƙanenta ɗan firamare take yi wa bayani, sannan ta rubuta abin da ta faɗa. Dalilin rufewar a fili yake. Muddin shafi na buɗe, ido zai riƙa satar kalmomi, ɗalibi ya sauya biyu ko uku ya ɗauka ya gane.

Masana sun gwada wannan. A 1994 Michelene Chi da abokan aikinta a Amurka sun ba 'yan makaranta rubutu a kan zagayen jini a jikin mutum. Wasu aka ce su riƙa yi wa kansu bayanin kowace jimla bayan sun karanta, wasu kuma suka karanta rubutun sau biyu kawai. Masu yi wa kansu bayani suka fi fahimta, musamman a tambayoyin da amsarsu ba ta fito ƙarara a rubutun ba. A 2006 kuma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka nuna cewa masu maimaita karatu sukan fi tunawa bayan 'yan mintoci, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe littafi suka gwada tunowa ne ke kan gaba.

Sai dai faɗi da bakinka yana da nasa haɗarin, shi ya sa malamar ta fi tsawaita bayani a hawa na uku. Ta ce ɗalibar ta buɗe littafin, ta jera jimlarta da ta littafi, ta duba ko amsoshin nan uku duk suna nan. Galibi ɗaya yakan zube a hanya. Ɗalibi zai rubuta cewa abu ne ke tashi daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. Jimlar ta yi daɗin ji, amma ta yar da tantani, ba ta kuma ambaci ruwa ba, don haka ta koma ma'anar difyushan, wato irin bazuwar da ƙamshin turaren wuta ke yi a ɗaki. Wani kuma zai ce gishiri ne ke shiga tumatir ya koro ruwa, ya juya maganar ke nan. Akwai kuma tarkon kalmar yawa: ɓangaren da ruwa ya yi yawa shi ne wanda gishiri ya yi kaɗan. Wanda bai faɗi yawan mene ne yake nufi ba, yana iya aika ruwan ta baya a ɗakin jarabawa.

Domin a gane ko jimlar ta tsaya da ƙafarta, takardar ta kawo gwajin doya da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje, wanda ko a madafi ana iya yi. A fere ɗanyar doya, a yanko gunduwa, a ƙwaƙule tsakiyarta ta zama kamar ƙoƙo. A zuba ruwan sukari mai kauri zuwa rabi, a soka allura daidai inda ya tsaya, sannan a ajiye gunduwar a faranti mai ruwa zalla. Kafin ta taɓa komai, malamar ta ce ɗalibar ta rubuta abin da take tsammani, da jimlarta ta Hausa kaɗai. Idan jimlar daidai ce, za ta ce ruwan cikin ƙoƙon zai hau sama da allura, kuma bayan wasu awoyi haka za ta gani, domin ruwan faranti ya ratsa tantanin ƙwayoyin doyar ya nufi ɓangaren sukari.

Daga nan sai tambayar da ke tona asirin mai hadda: idan dafaffiyar doya aka sa fa? Ruwan ba zai hau ba, saboda zafi ya kashe ƙwayoyin ya lalata tantanin, ba sauran mai zaɓe. Ɗalibar da ta yar da tantani a jimlarta ba ta da hanyar kaiwa ga wannan amsa. Wadda ta riƙe shi kuwa za ta iya bayyana abin da ya sa masara ke yaushi idan an tula mata takin zamani a gindi, da abin da ya sa ruwan da ake ƙara wa majinyaci a asibiti yake ɗauke da gishiri kashi 0.9 cikin ɗari. Da ruwa zalla ne, da jajayen ƙwayoyin jini sun sha sun kumbura har su fashe.

Hawa na ƙarshe komawa ne ga Turanci, tunda da shi ake rubuta jarabawar, kuma mai maki yana neman wasu kalmomi ne takamaimai. A nan malamar ta ja layi. Bayani na ɗalibi ne, ya faɗe shi yadda ya ga dama, amma sunan fanni ba a musanya shi, haka ma alamomin lissafi da ma'aunai. Sunan osmosis da sunan tantanin nan mai zaɓe dole su fito yadda littafi ya rubuta su, harafi da harafi. Don haka ta ce a raba shafin bita gida uku: kalmar littafi a hagu, jimlar Hausa a tsakiya, misali daga gida ko gona a dama. Bayan kwana biyu ɗalibar ta rufe gidan hagu ta sake gina ma'anar Turancin daga na tsakiya, bayan mako guda ta sake.

Aikin yana cin lokaci, don haka ba kowace kalma ce ta cancance shi ba. Sunayen ƙasusuwa da alamomin sinadarai hadda ce maganinsu. Malamar ta ware wannan hanya ne ga ma'anonin da ke bayyana yadda abu ke faruwa, ta kuma ce biyu ko uku sun isa a zama ɗaya. A ƙasan takardar ta rubuta na mako mai zuwa: yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana, da tambayoyin da ɗalibar za ta fara da su, wato me ke shiga, me ke fita, kuma a wane sashe na ganyen.