Riyal Dubu Ya Bar Jidda, Nawa Ya Isa Kano?

"Yaya, barka da war haka. Na ji ana cewa kuɗin gyaran ɗakin Inna bai cika ba. Wallahi ba wanda ya ci ko kwabo."

Haka wani direba mazaunin Jidda ya buɗe wasiƙarsa zuwa ga wansa a Kano, sannan ya shiga lissafi. Riyal 1,000 ya miƙa a kanti. Nan take aka zare ladan aike, a ce riyal 20, aka ɗora masa harajin kashi 15 cikin ɗari da Saudiyya ke karɓa tun 2020, wato riyal 3. Saura 977.

"Wannan kam rubuce yake a rasit, Yaya. Wanda ba a rubutawa shi ne ribar canji."

Nan ne gizo ke saƙar. Tun 1986 riyal 3.75 ke daidai da dala ɗaya, amma naira kullum cikin motsi take, kuma kamfanin aike kan saka farashinsa ƙasa da na kasuwa. Idan ya rage kashi 3 cikin ɗari, kimanin riyal 29 sun sake tafiya, saura 948. Shi kuwa Yaya da farashin 'yan canjin Wapa ya yi nasa lissafin, a kan dubu cif. Ga kuma ladan mai POS wajen cirewa.

"Ka duba inda rasit ya nuna nairar da za a karɓa, ka gwada da saƙon banki. In sun saɓa, turo min lambar aiken in koma musu. A gaida Inna."