Kuskure mai lamba 1062: idan kwafin rumbun bayanai ya tsaya cak

Ranar 21 ga Oktoba 2018, hanyar sadarwa tsakanin cibiyoyin kamfanin GitHub a gabashin Amurka ta katse na daƙiƙa 43 kacal. Kafin ta dawo, manhajar da ke sa ido a kan rumbunan bayanansu na MySQL ta riga ta miƙa ragama ga sabobin da ke yammacin ƙasar. Sabobin gabas suna riƙe da wasu rubuce-rubuce da ba su kai ga tsallakawa ba, na yamma kuwa har sun fara karɓar sababbi. Kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ba shi da shi. Injiniyoyin kamfanin suka ƙi zubar da na kowa, suka gwammace shafin ya yi ta ɗingishi na awa 24 da minti 11 suna sake gina kwafe-kwafen.

Irin wannan saɓani yana faruwa a ƙananan ma'aikatu ma, kuma yawanci da saƙo guda yake bayyana kansa: kuskure mai lamba 1062.

Tsarin da kansa ba shi da wuyar fahimta. Akwai babbar saba, wadda za a kira uwa, ita ke karɓar duk wani sabon rubutu. Duk canjin da ta yi sai ta jera shi a wani kundi mai suna `binlog`. Saba ta biyu, wato kwafi, tana da ma'aikata iri biyu a cikinta: ɗaya yana ɗebo abin da ke kundin uwa yana ajiyewa, ɗayan yana aiwatarwa bi da bi. Kamar magatakarda ne da aka ɗora wa kwafe littafin rasidi layi bayan layi, ya zo rubuta rasidi na 5001, sai ya tarar wani ya riga ya cike gurbin. Ba zai goge ba, ba zai tsallake ba, alƙalami zai ajiye ya jira mai shago. Kowane layi a tebur yana da lambar shaidarsa da ba a yarda ta maimaitu ba, don haka da zarar an kawo wa kwafi lambar da yake da ita, sai ya tsaya.

A ɗauka wani kamfanin sayar da magunguna yana da tebur mai suna `ciniki`. Da safe manaja ya lura rahoton ciniki, wanda daga kwafi ake ɗaukarsa, bai motsa ba tun daren jiya, alhali kantuna suna ta sayarwa. Mai kula da rumbun ya shiga kwafin ya buga `SHOW REPLICA STATUS\G`, ko `SHOW SLAVE STATUS\G` idan sigar ta girmi 8.0.22. Ga layukan da idonsa zai fara nema:

```
Replica_IO_Running: Yes
Replica_SQL_Running: No
Seconds_Behind_Source: NULL
Last_SQL_Errno: 1062
```

A ƙarƙashinsu kuma, cikin bayanin kuskuren, zai ga `Duplicate entry '5001' for key 'ciniki.PRIMARY'`. A sababbin sigogi, inda ma'aikata da yawa ke aiwatarwa lokaci guda, cikakken bayanin yana cikin teburin `performance_schema.replication_applier_status_by_worker`.

Layi na farko albishir ne. Mai ɗebowa yana nan yana aikinsa, duk abin da uwa ta rubuta tun daren jiya yana taruwa a faifan kwafi yana jiran a aiwatar. Babu abin da ya ɓace tukuna. Abin lura kawai shi ne kada faifan ya cika. Asara, idan za ta zo, daga hannun mai gyara take zuwa.

Gyaran da ya fi yawo a bakin masu sana'ar shi ne "tsallake shi kawai". Umarni ne guda, `SET GLOBAL sql_replica_skip_counter = 1`, sai a sake kunna kwafin, `No` ta koma `Yes`, kowa ya koma bakin aikinsa. Amma abin da aka tsallake ya fi layi ɗaya. MySQL tana tafiyar da aiki ne ƙunshi-ƙunshi, ko duka ko babu. Cinikin 5001 ƙunshi ne da ya haɗa rubuta rasidin, da jera magungunan da aka saya, da rage adadinsu a teburin kaya, kuma tsallakewar tana haɗawa da su gaba ɗaya. Daga wannan lokaci kwafi yana cewa akwai kwali goma a sito, uwa tana cewa takwas. Bayan kwana biyu, idan aka gyara rasidi na 5001 a uwa, kwafi zai nemo layin da lambarsa, ya samu na wani mutum dabam, ya rubuta a kansa ba tare da ya yi ko tari ba. Wani lokaci kuma ya nemi layin da aka tsallake ya rasa, ya sake tsayawa da kuskure na 1032. Mafi muni shi ne a sa `replica_skip_errors=1062` a fayil ɗin saiti, wanda ke nufin kwafin ya daina kai ƙarar wannan kuskure kwata-kwata. Mai yin haka ya sayi barcin dare ɗaya ne da kwafin da ba zai amfane shi ba ranar da uwa ta mutu.

Tambayar da ta kamata a fara yi ita ce: wa ya rubuta 5001 a kwafi? Amsar tana fitowa idan aka buga tambaya iri ɗaya a sabobin biyu, `SELECT * FROM ciniki WHERE id = 5001`, aka ajiye sakamakon kusa da juna.

Idan layukan biyu iri ɗaya ne sak, kuɗi da lokaci da reshe duk sun dace, to maimaici ne. Yakan faru idan aka gina kwafin daga ajiyar da aka ɗauka, aka ba shi matsayin farawa da ya koma baya, sai ya shiga sake yin aikin da yake da shi. A nan ma tsallake ɗaya ba ya wadatarwa, domin 5002 da 5003 suna tafe da irin ƙarar. Maganinsa a nemo matsayin gaskiya a `binlog` a nuna wa kwafin. Wannan ciwo ne ya sa tun sigar 5.6 MySQL ta kawo `GTID`, wato lambar da ake maƙala wa kowane ƙunshin aiki, yadda kwafi zai gane abin da ya riga ya yi ya wuce shi da kansa. Inda aka kunna `GTID`, wancan umarnin tsallakewa ma ba ya karɓuwa.

A kamfanin magungunan kuwa, layukan sun bambanta. A uwa, 5001 cinikin naira 12,000 ne daga babban kanti. A kwafi, cinikin naira 45,000 ne daga sabon reshen da aka buɗe jiya, wanda mai saita kwamfutarsa ya sa mata adireshin kwafi a maimakon na uwa. Kwafin ya duba, ya ga lamba ta ƙarshe a wurinsa 5000 ce, ya ba sabon cinikin 5001. Minti kaɗan bayan haka uwa ta ba nata cinikin wannan lambar. Duka biyun kuɗi ne na gaske da mutane suka biya, kuma na 45,000 babu shi a ko'ina a duniya sai a wannan saba.

Aikin farko shi ne toshe ɓarakar. A gyara adireshin da ke reshen, a kuma buga `SET GLOBAL read_only = ON` a kwafi don kada wata manhaja ta sake rubutu a can. Sai a binciko iyakar ɓarnar, domin da wuya reshe ya yi ciniki ɗaya tak a yini. Idan kwafin yana ajiye nasa `binlog`, manhajar `mysqlbinlog` tana iya ware abin da aka rubuta a kansa kai tsaye, saboda kowane rubutu yana ɗauke da lambar sabar da ta haife shi. A ce an samu rasidi uku, 5001 zuwa 5003. Kowannensu yana da 'ya'ya a teburin `kayan_ciniki`, kuma kowanne ya taɓa adadin kaya a sito. Wanda ya kwashe rasidan ya manta da 'ya'yansu ya bar magungunan wani a ƙarƙashin rasidin wani.

Sai a kwashe su duka zuwa fayil da `mysqldump`, a buɗe fayil ɗin a gani da ido cewa layukan suna ciki, a kai shi wata na'ura dabam. Bayan wannan ne kaɗai ake gogewa:

```
SET sql_log_bin = 0;
DELETE FROM kayan_ciniki WHERE ciniki_id BETWEEN 5001 AND 5003;
DELETE FROM ciniki WHERE id BETWEEN 5001 AND 5003;
SET sql_log_bin = 1;
START REPLICA;
```

Layin farko yana hana gogewar shiga kundin kwafin. Ba don shi ba, ranar da wannan kwafi ya zama uwa, umarnin gogewar zai iya bin sauran sabobi ya share halastattun rasidai. Adadin kayan da reshen ya rage a kwafi shi ma a wannan zama ake mayar da shi yadda yake kafin a sake kunnawa. Da an kunna, gurbin 5001 a buɗe yake, cinikin 12,000 ya shiga da duk ƙunshinsa, `Seconds_Behind_Source` ta fito da lamba mai yawa ta yi ta raguwa har sifili.

Rasidan nan uku kuma sai a shigar da su ta ƙofar da ta dace, wato uwa. Za ta ba su sababbin lambobi, a ce 5240 zuwa 5242, su gangaro kwafi kamar kowane ciniki. Saura a sanar da sashen kuɗi, tunda takardar da ke hannun mai saye tana ɗauke da tsohuwar lamba. A tsarin `GTID` akwai ƙarin shara guda: kwafi yana riƙe da lambobin ayyukan da uwa ba ta san da su ba. Ana gano su da `GTID_SUBTRACT`, sai a rubuta wa uwa ƙunshin da babu komai a ciki da waɗannan lambobi don lissafin biyu ya daidaita.

Ganin `Yes` sau biyu a allo yana nuna aiki na tafiya ne kurum, bai tabbatar da cewa bayanan sun zama ɗaya ba. Tabbacin yana wurin `pt-table-checksum` ta kamfanin Percona, wadda ke yanka kowane tebur gunduwa-gunduwa, ta lissafa wa kowace gunduwa lamba a uwa, lissafin ya bi hanyar kwafi a sake yinsa a can, sannan ta nuna inda aka saɓa. 'Yar'uwarta `pt-table-sync` tana gyara bambancin, sai dai ita a wurinta uwa ce mai gaskiya, duk abin da kwafi kaɗai ke da shi sharewa za ta yi. Shi ya sa masu hankali suke fara gudanar da ita da `--print` su karanta abin da take shirin yi.

Akwai inda gyaran hannu ke ƙarewa. Idan reshen ya yi mako guda yana rubutu a kwafi, ko an daɗe ana tsallake kurakurai har ba a san adadinsu ba, gara a kwashe duk abin da kwafi kaɗai ke riƙe da shi, a rushe shi, a sake gina shi daga uwa da `XtraBackup` ko da umarnin `CLONE` da ya zo a sigar 8.0.17. Ko ta wace hanya aka bi, saiti na ƙarshe shi ne `super_read_only = ON`, a kuma rubuta shi a fayil ɗin saiti don kada ya ɓace idan sabar ta sake tashi. `read_only` kaɗai tana barin asusun da ke da babban iko ya yi rubutu, kuma manhajoji da yawa a ƙananan kamfanoni da irin wannan asusun suke shiga.